Harafi ɗaya tsakanin magani biyu: yadda ake warware gajeren rubutun likita

Duk wanda ya taɓa karɓar takardar magani a asibitin Najeriya ya ga layi irin wannan: `PCM 1g tds x 3/7`. Mai jinya zai juya takardar sama da ƙasa bai gane komai ba, amma mai ba da magani yana kallo ɗaya ya karanta cikakkiyar jimla: farasitamol, giram 1, sau uku a rana, har kwana uku. Haruffan `tds` daga Latin suka fito, ta hannun likitocin Birtaniya waɗanda tsarinsu makarantun likitancinmu suka gada. Haka `bd`, sau biyu a rana, da `nocte`, da dare, da `stat`, yanzu-yanzu, da `prn`, idan buƙata ta taso. Likitan da ke da layin mutane tun daga ƙofarsa har bakin baranda ba zai zauna rubuta kowace kalma da tsawonta ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Muddin fayil yana yawo tsakanin mutanen sashe ɗaya, waɗanda suka san hannun juna, abin yana tafiya. Matsala tana farawa ne ranar da rubutun ya bar gida. Za a tura majiyyaci daga babban asibitin ƙaramar hukuma zuwa asibitin koyarwa, ko za a rubuta takardar sallama, ko hukumar inshorar lafiya tana neman bayani kafin ta biya kuɗi, ko asibitin ya koma ajiye bayanai a kwamfuta ana kwashe tsofaffin fayiloli. A nan dole wani ya zauna ya mayar da gajerun haruffan nan cikakkun kalmomi. Wani lokaci ƙaramin likita ne, wani lokaci ma'aikacin ɗakin kati da ya karanci kula da bayanan lafiya, wani lokaci kuma mai buga rubutu ne kawai.

Aikin yana kama da na tafinta a gaban alƙali. Abin da mai magana ya faɗa shi za a isar, har da inda ya yi shakka, har da inda ya ce "ban gani ba". Idan kuma maganar tana ɗaukar ma'ana biyu, tafinta ba shi da hurumin zaɓar wa mai magana ɗaya, sai dai ya juya ya tambaye shi. A ganina mafi yawan ɓarnar da ake yi a wannan aiki daga masu ƙoƙari take zuwa, waɗanda suke so takarda ta fita fes, babu alamar tambaya ko ɗaya a jikinta.

Ga misalin da na tsara domin wannan bayani, na kuma rage shi ƙwarai, irin abin da za a iya gani a fayil ɗin mai ciki da aka kawo ɗakin haihuwa:

```
32yr G4P3+0 (3A), EGA 34/40
c/o headache x 3/7, °fits
BP 170/110, urine protein ++
Δ ?PE, r/o malaria
Plan: admit, MP, PCV, IV MS 4g stat
```

Layin farko ba shi da rigima ga wanda ya san ɗakin haihuwa. Mace ce mai shekara 32, wannan cikinta na huɗu, ta haihu sau uku, ba ta taɓa ɓari ba, kuma 'ya'yan uku suna raye. Cikin ya kai mako 34. Amma a dubi 'yar sandar nan da ke raba lambobi. Ta fito sau uku a rubutun, kowanne da aikinsa daban. A `34/40` tana nufin mako 34 cikin 40 na goyon ciki. A `3/7` tana nufin kwana uku, domin mako kwana bakwai ne. Da `3/52` aka rubuta mako uku ke nan, da `3/12` ne wata uku. A `170/110` kuwa awon jini ne, na sama da na ƙasa. Wanda bai saba ba yana iya ɗaukar `3/7` a matsayin 3 ga Yuli, ya rubuta cewa tun ranar ciwon kan ya fara. Idan a watan Satumba ake, ciwon kan kwana uku ya zama na wata biyu, kuma likitan da zai karanta zai fara tunanin wasu cututtukan daban.

A layi na biyu akwai alama mafi ƙanƙanta a duk takardar, ita ce kuma na fi jin tsoro. Wannan ɗan da'irar da ke gaban `fits` ma'anarsa "babu". Likita yana cewa matar ba ta yi jijjiga ba. Da biro ake ɗiga shi a saman layi, bai kai ƙwayar gero ba. Idan aka yi hoton takardar da injin da tawadarsa ta yi rauni, sai ya ɓace. Mai buga rubutu kuma, da yake ba ya ganin alamar a kan madannan kwamfuta, yana iya tsallake ta ya wuce. Shi ke nan "ba ta yi jijjiga ba" ta koma "ta yi jijjiga". Mai ciki da ke da hawan jini ba ta yi jijjiga ba, da wadda ta riga ta yi, matakinsu a wurin likita daban ne, sunan cutar da za a shigar a rajista daban ne, kuma labarin zai bi ta zuwa awon cikinta na gaba. Saboda haka ƙa'ida ta farko a daidaita rubutu ita ce a rubuta "babu" da cikakkiyar kalma, a daina dogara da da'ira ko 'yar sandar ragi.

Alamar `++` ta gwajin fitsari kuma a bar ta yadda take. Tsinken gwajin yana da matakai, daga ɗan burbushi zuwa alamar tarawa ɗaya, biyu, uku, har huɗu a wasu. Wanda ya mayar da ita "furotin mai yawa" ya zubar da ma'auni, domin gobe idan aka sake gwaji ba a san ko ya ƙaru ko ya ragu ba. Wanda kuma ya duba littafi ya sauya ta da adadin miligiram ya ƙirƙiro gwajin da ba a yi ba.

Layi na huɗu shi ne inda likita ya faɗi abin da yake zato. Alamar `Δ` tana nufin cutar da aka gano. Amma akwai alamar tambaya a gaban `PE`, wato "ina zargi, ban tabbatar ba". Masu son takarda ta yi kyau sukan share ta, suna ganin ƙazantar rubutu ce, alhali rabin maganar likitan tana cikinta. Sai kuma `r/o`. Abin da ake nufi shi ne "a bincika a kawar da yiwuwar maleriya", aiki ne da ke gaba. Sau da yawa akan warware shi da sigar abin da ya riga ya faru, a rubuta cewa an kawar da maleriya. Ga shi kuwa a layi na ƙarshe yanzu ne ma ake neman `MP`, gwajin ƙwayar maleriya a jini. Idan takardar da ta ce an kawar da maleriya ta isa wani asibiti, ba wanda zai sake neman sakamakon, matar kuma tana iya kasancewa da ita.

Har zuwa nan duk abin da ake buƙata kula ce. Ma'ana ɗaya ce, a dai kar a zubar da ita a hanya. Sauran biyun, `PE` da `MS`, su ne ke bukatar a tsaya.

A Turancin likitoci akwai aƙalla abubuwa huɗu da ake gajarcewa da `PE`: hawan jinin masu ciki mai iya kaiwa ga jijjiga, gudan jini da ya toshe jijiyar huhu, taruwar ruwa a kewayen huhu, da kuma duba jikin majiyyaci. A fayil ɗinmu komai yana nuni ga na farko. Mai ciki ce, jini ya hau, ga furotin a fitsari, ga ciwon kai, kuma ba a ambaci sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji ba. Ungozoma ko likita da ke aikin warwarewar zai iya rubuta cikakken sunan, ya bar alamar tambayarsa, ya kuma nuna abin da ya dogara da shi. To amma a ce a layi na biyu an ƙara cewa tana haki kuma ƙafarta ɗaya ta kumbura. Ciki da jego suna ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, don haka gudan jini a huhu ba baƙo ba ne a ɗakin haihuwa. Yanzu ma'anoni biyu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, maganinsu kuma ya sha bamban: ɗaya ana ba da maganin hana jijjiga da na sauke jini, ɗaya ana ba da maganin tsinka jini, wanda ba abin wasa ba ne ga macen da ke dab da haihuwa. A nan ba a zaɓa. Ana barin haruffan yadda suke, a sa musu alama.

`MS` ya fi wannan muni, domin magani ne da za a zuba a jijiya yanzu-yanzu. Yana iya zama maganiziyam salfet, wanda ake ba masu ciki don hana jijjiga, yana kuma iya zama mofin, mai kashe zafin ciwo. Mai ilimi zai ce ai abin a fili yake, giram 4 ta jijiya shi ne adadin farko na maganiziyam da kowace ungozoma ta haddace, mofin kuwa da miligiram ake auna shi, giram 4 nasa ba adadin da ake ba ɗan Adam ba ne. Gaskiya ne. Amma a lura da inda hujjar ta rataya. Miligiram 4 na mofin ta jijiya adadi ne na yau da kullum ga babba. Ke nan abin da ya raba `4g` da `4mg` harafi ɗaya ne, `m`, wanda a rubutun likitan da ya kwana bai runtsa ba yakan zama 'yar lanƙwasa tsakanin lamba da harafi. Idan hannun bai fito sarai ba, ko an rubuta `MS 4` kawai aka wuce, ba abin da ya rage a riƙe. Shi ya sa ko da mahallin ya nuna hanya, sunan magani da aka gajarce haka ba a warware shi da zato. Ana komawa ga wanda ya rubuta.

Tambayar ma tana da yadda ake yinta. Idan Sista ta buga waya ta ce, "Dakta, wannan `MS` ɗin maganiziyam ne ko?", likitan da ke tsakiyar wani aiki zai ce "e, e" kafin ma ya tuna wace mara lafiya ake nufi. Gara ta ce, "Dakta, mai gado na shida, mai cikin mako 34, ka rubuta `MS`. Wane magani ne, kuma nawa?" Ya faɗa da bakinsa, ta rubuta, ta maimaita masa, sannan idan ya shigo ya sa hannu. Tambayar da ta ɗauko amsarta a ka ba ta tabbatar da komai.

Ita alamar da ake sawa, ba jan layi kawai ba ce. Alama mai amfani tana ɗauke da haruffan asali yadda aka rubuta su, da ma'anonin da za su iya ɗauka, da wanda aka tambaya da lokacin, da kuma ko an sami amsa. A takardar da aka warware za a ga wani abu kamar: `MS 4g`, ba a warware ba, maganiziyam salfet ko mofin, an tura wa likitan da ya rubuta, ana jiran amsa. Wanda ya karanta wannan ya san cewa akwai rami a gabansa. Wanda aka cike masa ramin da shaci-faɗi kuwa zai taka da ƙarfinsa.

Rubutun asali kuma ba a taɓa shi. Fayil ɗin majiyyaci shaida ce da za a iya kaiwa gaban kotu ko gaban kwamitin ladabtar da likitoci, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa asibitocin Najeriya nauyin ajiye bayanan majiyyata da kare su. Cikakken rubutun yana zama a gefe ne, ko a sabon shafi, da sunan wanda ya yi shi da kwanan wata. Idan likitan da kansa ya ga ya yi kuskure, layi ɗaya zai ja a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, ya rubuta gyaran, ya sa hannu. Ba a kankarewa, ba a shafa farin ruwan goge rubutu.

Wasu gajerun haruffan sun yi ɓarnar da ta kai aka ce a daina rubuta su kwata-kwata. A Amurka, hukumar da ke tantance asibitoci, Joint Commission, ta fitar da jerin waɗanda ta hana a 2004, kuma `MS` da 'yan uwansa `MSO4` da `MgSO4` suna ciki. Cibiyar ISMP mai sa ido kan kurakuran magani tana da jerin da ya fi wannan tsawo. Wanda ya fi shafar gidajenmu, inda masu ciwon suga ke ƙaruwa, shi ne `U` da ake sawa a ma'aunin insulin. A rubutun hannu, `U` da bakinsa ya ɗan rufe sifili ne. `10U` ya zama 100. Mutumin da ya kamata a yi wa allurar ma'auni 10 aka yi masa 100, sugansa zai faɗi warwas, ya yi gumi, ya rikice, ya suma, idan ba a farga da wuri ba har a rasa shi. Maganin abin ba shi da tsada: a rubuta kalmar ma'aunin cikakkiya, a bar tazara tsakaninta da lamba.

Ɗigo ma haka. `.5mg` idan ɗigon ya ɓace ya zama 5, ninki goma. `5.0mg` idan ɗigon ya ɓace ya zama 50. Saboda haka ake sa sifili a gaban ɗigo, `0.5mg`, ba a kuma sa shi a bayan cikakkiyar lamba. Sai `QD`, salon Amurka na "sau ɗaya a rana", wanda da ɗan ɗigo ko jan biro yake komawa `QID`, sau huɗu. Wani nazari da aka buga a 2007, wanda ya duba rahotannin kurakuran magani sama da 600,000 da asibitocin Amurka suka kai tsakanin 2004 da 2006, ya gano cewa kusan kashi 5 cikin 100 suna da nasaba da gajarce rubutu, kuma `QD` shi kaɗai ya ɗauki sama da kashi 40 cikin 100 na waɗannan. Mu `od` muka fi rubutawa, amma shi ma ba tsira ya yi ba, domin a asibitin ido `OD` idon dama ne. Ɗigon ido da aka rubuta wa `od`, sau ɗaya a rana ake nufi ko a idon dama? Wannan ma na komawa ga likita ne.

Daidaitawa, wato sa kowa a asibiti ya riƙa rubuta abu ɗaya da siga ɗaya, tana da nata tarkon, kuma ya fi na warwarewa ɓoyuwa. Likitan da ya yi karatu da littattafan Birtaniya zai rubuta `tds`, wanda ya saba da na Amurka ya rubuta `tid`. Duka biyun "sau uku a rana" ne, haɗe su ba laifi. Amma sai wani mai son tsari ya ce ai sau uku a rana daidai yake da kowace awa takwas, bari a mayar da su duka haka. A lissafi ya yi daidai, a jinya bai yi ba. Sau uku a rana yakan bi lokutan da mutum yake farke, safe da rana da dare, sau da yawa tare da abinci. Kowace awa takwas kuwa agogo take bi, ko da za a tashi majiyyaci daga barci, domin akwai magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake so ƙarfinsu a jini kada ya sauka. Wanda ya mayar da ɗaya ɗaya ya sake wa likita umarni. Haka nan wanda ya ga `prn` ya jefar da shi saboda layin ya riga ya ƙunshi "kowace awa shida": maganin da aka ce a sha idan ciwo ya motsa ya koma na dole sau huɗu kullum.

Asibitin da ke son yin abin da kyau yakan fitar da jerin gajerun haruffan da ya amince da su, kowanne da ma'ana ɗaya tak, da jerin waɗanda ya hana. Wahalar ita ce asibiti ba gari ɗaya ba ne. `PCV` na fayil ɗinmu gwajin yawan jini ne, wanda ake cewa "a duba ko jininta ya yi ƙasa", amma a katin rigakafin yara sunan allurar kariya daga ciwon huhu ne. `RTA` a sashen gaggawa haɗarin mota ne, a wurin likitan ƙoda wata cutar ƙoda ce. `PID` a wurin likitan mata ciwon sanyin da ya hau mahaifa ne, a wurin likitan ƙashi faifan gadon baya ne da ya zame. Jeri ɗaya na asibiti duka da bai nuna sashe ba, ko dai zai zaɓi ma'anar wani sashe ya danne na wani, ko ya zama ba ya aiki. Abin da ya fi dacewa shi ne irin waɗannan a yarda da su a cikin sashensu, amma duk takardar da za ta fita, ta sallama ko ta turawa, a rubuta su cikakku.

Wannan ne ma dalilin da ya sa umarnin "nemo ka sauya duka" na kwamfuta yake da haɗari a nan. Mutum ya ga `PCM` ya fito sau ɗari a fayilolin da ake kwashewa, ya ce a mayar da shi farasitamol gaba ɗaya. A cikin ɗarin akwai tsofaffin fayilolin sashen yara inda `PCM` yake nufin tamowa, cutar ƙarancin abinci mai gina jiki. Da dannawa ɗaya yaron da aka kwantar saboda tamowa ya zama yaron da ke fama da farasitamol. Wannan aƙalla abin dariya ne, za a gane. Wanda ba a ganewa shi ne wanda jimlar ta fito sumul.

Hanyar gane ko an yi ɓarna ba ta bukatar na'ura. A ajiye rubutun asali da wanda aka warware gefe da gefe, wani mutum daban, ba wanda ya yi aikin ba, ya ƙirga abu uku. Lambobi nawa ne a nan, nawa ne a can, kuma kowace tana tare da ma'auninta? "Babu" nawa ne? Alamun shakka nawa ne? A misalinmu "babu" ɗaya ce ta jijjiga, ban da sifilin ɓari, shakka kuma biyu ce, alamar tambaya da `r/o`. Idan sabon rubutun ya fito da shakka ɗaya, an haɗiye ɗaya a hanya. Idan kuma ya fito da kalmar da ba ta da tushe a asali, kamar "mai tsanani" ko "na hagu", to mai warwarewa ya fara aikin likita. Ko da ƙarin nasa gaskiya ne, kuma awon jini 170/110 lallai mai tsanani ne, ba shi ne zai faɗa ba, domin za a karanta shi da sunan wanda bai rubuta shi ba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Idan aka sa wa kowane `BP` da kowane `bd` alama, likita zai buɗe takarda ya tarar da tambaya talatin, ya amsa su duka da hannu ɗaya ba tare da ya karanta ba, har da ta `MS`. Alama tana da daraja ne idan ba ta yi yawa ba. Waɗanda suka cancance ta su ne sunan magani, adadi da ma'auni, yawan sha, ɓangaren jiki na dama ko hagu, da sunan cuta mai ɗaukar ma'ana biyu a mahallin da ake ciki.

Mu da muke kan iyaka muna da ƙarin wani abu. Majiyyata suna tsallakowa daga Maraɗi da Damagaram zuwa Katsina da Kano da takardunsu na Faransanci, kuma haruffan iri ɗaya ne da namu, ma'anar ce daban. `GE` a takardar Nijar gwajin maleriya ne na ɗigon jini a kan gilashi, don haka `GE +` yana nufin an ga ƙwayar maleriya. A fayil ɗin Najeriya `GE` gudawa da amai ne. `cp` a can ƙwayar magani ce, a nan `CP` yana iya zama ciwon ƙirji. Kafin a warware harafi ɗaya a irin wannan takarda, sai an fara duba kanta a ga daga ina ta fito, da wane harshe aka rubuta ta.

Akwai kuma gajarcewar da da gangan aka yi ta don ta rufa asiri. Likitocin Najeriya sukan rubuta `RVD` a maimakon sunan cutar HIV, saboda fayil yana bi ta hannun mutane da yawa, kuma sau da yawa ɗan uwa ne ke ɗaukar takarda zuwa wurin gwaji ko wurin karɓar magani. Wanda ya warware wannan da cikakken suna bai sauya ma'ana ba, amma idan takardar mijin ko surukar za a miƙa wa, ya tona abin da majiyyaciya ba ta ba shi izinin tonawa ba, a ƙasar da tun 2014 take da dokar hana nuna wariya ga masu ɗauke da cutar. Don haka kafin a warware sai an san wa zai karanta. A wasiƙar da za a rufe a aika wa likita, a rubuta sarai. A takardar da za ta bi hannun dangi, a fara tambayar mai ita.

Saura yanayin da ya fi kowanne yawan faruwa: ba a sami wanda ya yi rubutun ba. Sababbin likitoci masu shekarar koyon aiki suna sauya sashe duk bayan 'yan watanni, masu bautar ƙasa suna gama shekararsu su tafi, wasu kuma sun bar ƙasar. Fayil ɗin shekara biyar da ta wuce ba shi da wanda za a buga wa waya. A nan ana bin sawu a cikin fayil ɗin kansa. Takardar ba da magani ta nas-nas takan nuna abin da aka ɗura a zahiri da lokacinsa. Mofin magani ne da ake kullewa, kowace kwalba da ta fita sai an shigar da ita a rajista ta musamman da sa hannu, don haka idan shi aka bayar za a ga sawunsa. Macen da aka ɗora wa maganiziyam kuma za a tarar an bi ta da awon numfashi, da yawan fitsari, da bugun gwiwa, domin da su ake gane ko maganin ya yi mata yawa. Idan waɗannan suka haɗu a kan amsa ɗaya, sai a rubuta ta tare da inda aka samo ta: maganiziyam salfet, bisa takardar ba da magani ta ranar, ba bisa tabbacin marubuci ba. Idan ba su haɗu ba, `MS` zai ci gaba da zama `MS` da alamarsa. Likitan da ke duba matar a yau yana da ikon yanke nasa hukuncin, amma a sabon shafi zai rubuta shi, da sunansa da kwanan watan yau.